Abin da ke ƙarƙashin murmushin mutanen gari a gem: farin ciki, haraji da go-sulo

Duk wanda ya taɓa zama ya buga Cities: Skylines, gem ɗin gina gari, na wasu awanni ya san wannan lokacin. Gari yana tafiya lafiya lau, kuɗi na shigowa, mutane na ta ƙaura suna zuwa, sai kawai ka ga lambar kuɗin da ke ƙasan allo ta koma ja, gidaje sun fara yin duhu ɗaya bayan ɗaya an watse an bar su, kai kuma ba ka taɓa komai ba. Abin da yawancin mutane ke yi a nan shi ne su ruga wajen haraji, ko su ƙara don cike giɓi, ko su rage don a lallashi jama'a. Kuma sau da yawa duka biyun ba sa aiki, saboda ciwon ba a nan yake ba, yana can kan wani titi guda ɗaya da motoci suka yi layi.

Abin da nake so in warware ke nan. A kan allo gem ɗin yana nuna maka farin cikin jama'a daban, haraji daban, zirga-zirga daban, kowanne da nasa maɓalli, sai ka ɗauka abubuwa uku ne. A cikin lissafin kwamfutar igiya ɗaya ce aka ɗaure su da ita, kuma titi ne ƙullin.

Bari mu fara da tsohon, don shi ne ya fi sauƙin gani. SimCity na farko da Will Wright ya yi, wanda kamfanin Maxis ya fitar a 1989, an saki lambobin da aka rubuta shi da su a 2008 da sunan Micropolis, don haka kowa na iya buɗewa ya karanta yadda yake tunani. Abin da zai ba ka mamaki shi ne babu mutum ko ɗaya a cikin garin. Babu. Abin da ke akwai taswirori ne da aka shimfiɗa a kan juna, kowace da lambobinta: taswirar darajar ƙasa, ta gurɓatar iska, ta aikata laifi, ta yawan jama'a, ta yawan motoci. Kowane ɗan yanki na gari yana da lamba a kan kowace taswira, kuma lambobin suna cin junansu. Ɗauki laifi misali. Gem ɗin yana farawa da 128, ya cire darajar ƙasar wurin, ya ƙara cunkoson jama'a, sannan ya cire ƙarfin 'yan sandan da ke kaiwa wurin. Abin da ya rage shi ne yawan laifi. Wato unguwa mai arhar ƙasa da mutane da yawa laifi zai yi yawa ko da babu wani ɓarawo da aka zana. To ita kuma darajar ƙasar daga ina? Daga kusanci da tsakiyar gari, da itatuwa da fili mai kyau, a cire gurɓata, kuma in laifi ya haura 190 a sake zaftare mata 20. Ka ga zagayen ko? Laifi na rage daraja, raguwar daraja na ƙara laifi.

Yanzu ga inda titi ya shigo. A wannan gem ɗin titin da motoci suka cika shi kansa yana fitar da gurɓata, mai cunkoso sosai ya fi mai sauƙi. Gurɓata ta rage darajar ƙasa. Shi kuma kuɗin haraji ana samo shi ne ta hanyar ninka yawan jama'a, wato `TotalPop`, da matsakaicin darajar ƙasa ta gari, `LVAverage`, a raba da 120, a ninka da kason harajin da ka sa, `CityTax`, sai wani ɗan ninki na ƙarshe da ya danganta da ko ka zaɓi wasa mai sauƙi ko mai wuya. Duba da kyau, darajar ƙasa tana cikin lissafin haraji kai tsaye. Don haka go-sulo a wata unguwa yana iya rage kuɗin da ke shiga asusunka ba tare da mutum ɗaya ya bar gari ba kuma ba tare da ka taɓa kason haraji ba. Tun 1989 haka aka ɗinka abin, kuma duk waɗanda suka biyo baya a kan wannan zaren suke, sai dai kowa da yadda ya ƙawata.

To mene ne farin cikin jama'a a irin waɗannan gem? Ni dai yadda na fahimce shi, maki ne kawai da ake tarawa ana cirewa a kan kowane gida. Akwai wuta da ruwa, a ƙara. An kwashe shara, a ƙara. Asibiti, makaranta, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, wurin shaƙatawa, kowanne da nasa. Ƙara ta yi yawa, ƙasa ta gurɓace, haraji ya yi nauyi, gawa ta daɗe ba a ɗauka ba, a cire. Fuskar nan mai murmushi da kake gani a ƙasan allo matsakaicin dukkan gidajen ne, kuma nan ne take yaudarar mutane, domin gari na iya nuna kashi 80 cikin ɗari alhali akwai unguwa guda da ta kusa mutuwa, sauran unguwannin ne suka rufa mata asiri a lissafi. Shi ya sa ban cika kallon wannan lambar ba, na fi buɗe taswirar farin cikin in ga ina ne launi ya canza.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ta yaya alherin asibiti ko makaranta yake isa gida. A nan masu yin gem suka rabu. Wasu da'ira suke zanawa, duk gidan da ya faɗo cikin da'irar ofishin 'yan sanda ya samu tsaro, ko da kogi ne tsakaninsu. Caesar III na 1998 ya bi wata hanya daban, gini yana fitar da mutum ne ya yi ta yawo a titi, gidan da ya wuce ta gabansa shi ne ya samu hidimar, in ya iso mararraba ya bi wani ɓangaren to gidajen ɗaya ɓangaren sun rasa, shi ya sa masu buga shi suke gina titi kamar zobe ba mararraba da yawa, har sai da Pharaoh na 1999 ya kawo shingen da ke tare masu yawon. Cities: Skylines na 2015, wanda kamfanin Colossal Order na ƙasar Finland ya yi, ya haɗa biyun. Lokacin da kake ajiye asibiti za ka ga titunan da ke kusa sun yi kore, koren yana bin titi ne ba iska ba, kuma gidajen da ke kan koren suna samun ƙarin farin ciki da ƙarin darajar ƙasa nan take. Amma wannan rabin labari ne. Ɗaya rabin shi ne in wani ya kwanta ciwo dole motar asibiti ta fito da ƙafafunta ta bi titi ta je ta ɗauko shi. Haka motar shara, haka motar gawa, haka motar kashe gobara. Kore a taswira alkawari ne, isowar mota ita ce cikawa, kuma ana iya samun na farko a rasa na biyu.

Riƙe wannan, za mu dawo kansa. Mu leƙa haraji tukun.

A Cities: Skylines na farko haraji yana farawa a kashi 9, kuma an raba shi gida shida: gidajen zama ƙanana da dogaye, shaguna ƙanana da manya, masana'antu, da ofisoshi. Masu buga shi sun daɗe da gano cewa za ka iya kai shi 12 ba wanda zai ce uffan, amma da ka haura zuwa 13 ƙorafi zai fara fitowa a kan gine-gine, in ka bar shi haka a fara tashi. Wato ba a hankali fushin yake hawa ba, akwai wani dakali da ake takawa. Don haka daga 9 zuwa 12 kusan kuɗi ne a ƙasa, duk wanda ya bar nasa a 9 ya bar ƙarin kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu.

Ga lissafi da lambobin da na ƙirƙira don misali kawai. A ce abin da ake yanka haraji a kai a garinka ya kai 100,000 a mako. A kashi 9 kana samun 9,000. A kashi 12 kana samun 12,000. Sai ka ce bari in kai 15, makon farko ka ga 15,000 ka ji daɗi. Amma mutane sun fara tashi, gine-gine sun fara zama kango. In kashi 20 cikin ɗari na tushen ya tafi, saura 80,000, kashi 15 nasa 12,000 ne, ka dawo inda kake. In kashi 25 ya tafi, saura 75,000, kana karɓar 11,250, ƙasa da abin da kake samu a da. Kuma ga abin da ya fi ciwo, kuɗin da kake kashewa bai ragu ba ko kaɗan, titunan suna nan ana biyan kula da su, tashar wuta tana nan, makarantu suna nan ko da ajin rabi ne. Sannan kangon gini yana ja wa maƙwabtansa faɗuwar daraja, ga shi masana'antu sun rasa ma'aikata sun fara ɗaga alamar "Not enough workers!" su ma suna hanyar rufewa. Abin yana da jinkiri, shi ne haɗarinsa, ribar tana zuwa yau, asarar tana zuwa bayan makonni, lokacin ka manta ma ka taɓa harajin sai ka ɗora laifin a kan wani abu.

Hanyar ƙara kuɗi ta gaskiya a gem ɗin ita ce ka ɗaga tushen, ba kason ba. Gidajen zama suna da hawa biyar, wato matakan ci gaba ba benaye ba, shaguna da masana'antu da ofisoshi hawa uku-uku, kuma gini mai babban hawa ya fi biyan haraji. Gidan zama yana hawa ne in darajar ƙasar wurin ta ƙaru kuma mazaunansa sun yi karatu. Darajar ƙasa kuwa daga hidimomin nan take zuwa da wuraren shaƙatawa da tashoshin bas da jirgi. Ka ga mun dawo gidan jiya, farin ciki da kuɗi abu ɗaya ne ake kallo ta taga biyu. Shi ya sa in kuɗi ya ƙare mutum ya je ya ja bajet ɗin lafiya ko na shara ƙasa, wanda ana iya ja daga 150 har zuwa 50, yana rage yawan motocin da ginin ke fitarwa ne, ya tsira da ɗan kuɗi yau ya sayi matsala gobe.

Yanzu titi, wanda a nan nake so mu daɗe.

Akwai hanya biyu da gem ke kwaikwayon zirga-zirga. Ta farko lissafi ne zalla. SimCity 4 na 2003 haka yake, yana lissafa hanyar da mazauna wani gida za su bi zuwa wurin aiki, ya tara adadin a kan kowane titi, motocin da kake gani suna wucewa hoto ne kawai da ke nuna maka lambar, ba su ɗauke da kowa. In tafiyar ta yi tsawo fiye da kima sai gidan ya rasa aiki, a watse a bar shi. Ta biyu ita ce a mai da kowace mota wani abu mai zaman kansa, tana da inda ta fito da inda za ta. SimCity na 2013 ya gwada wannan da injinsa GlassBox, amma ya yi wata gajeriyar hanya da ta ɓata wa mutane rai, mutanen garin ba su da gida ko aiki na dindindin, da safe kowa ya nufi wurin aiki mafi kusa da ke da gurbi, da yamma ya shiga gida mafi kusa da ke da wuri, sai ka ga ayarin motoci duk sun nufi ƙofa ɗaya. Cities: Skylines ya gyara wannan, kowane mutum yana da suna, da gidansa, da wurin aikinsa ko makarantarsa, za ka iya danna shi ka bi shi har ya isa.

To ta yaya motar ke zaɓar hanya? Gem ɗin yana kallon tituna a matsayin guntaye da aka haɗa a mararraba, kowane guntu yana da farashi, kuma jigon farashin shi ne tsawonsa a raba da gudun da aka yarda a yi a kansa, wato lokacin da zai ci in babu kowa. Sai ya nemo jerin guntayen da jimillarsu ta fi arha, irin lissafin neman gajeriyar hanya da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959 da ire-irensa da suka biyo baya. A gem ɗin ƙaramin titi mai layi biyu gudunsa 40 ne, mai layi huɗu 50, mai layi shida 60, babbar hanya kuma 100.

Mu gwada. Daga unguwar zama zuwa masana'antu akwai hanya biyu. Ta farko ta cikin gari ce, kilomita 2 a kan titi mai gudun 40, minti 3 ke nan. Ta biyu ta zagaya ta babbar hanya, kilomita 4 a gudun 100, minti 2 da daƙiƙa 24. Ta biyu ta ninka ta farko tsawo amma ta fi arha da daƙiƙa 36. To duk motar da za ta yi wannan tafiyar lissafi ɗaya za a yi mata, amsa ɗaya za ta samu, kusan dukkansu babbar hanya za su hau, kuma duk a mafita ɗaya za su sauka. Cunkoson da ke kan hanyar ba shi da wani nauyi sosai a lissafin, kuma abin da ya fi wannan, ana zaɓar hanyar ne tun kafin motar ta tashi, har da layin da za ta bi a kowane guntu, in ta kama hanya ba ta sake shawara don ta ga go-sulo a gabanta. Wannan shi ne sirrin abin nan da ke ba kowa haushi, titi mai layi uku, biyu fayau babu kowa, ɗaya kuma motoci sun yi jerin gwano har ba ka ganin ƙarshensu. Ba wauta ba ce ta direbobin, dukkansu mafita ɗaya suke nufi, kuma layi ɗaya ne ke shiga mafitar. Don haka in ka mayar da titin mai layi shida ba abin da ka yi, ka ƙara layukan da ba mai hawa ne kawai, wani lokacin ma ka ƙara ɓata lamarin tunda ka ɗaga gudun titin ya ƙara arha a lissafi ya jawo wasu motocin da a da ba ta nan suke bi ba.

Me ya sa aka yi shi haka? Saboda nauyin lissafi. Nemo hanya ɗaya a cikin dubban guntaye aiki ne, a ce kowace mota ta riƙa sake yi duk bayan daƙiƙa kaɗan kwamfutar gida ba za ta ɗauka ba. Shi ya sa ma aka sa iyaka, motocin da za su iya kasancewa a kan hanya lokaci guda ba sa wuce 16,384 komai girman gari, kuma motar da ta maƙale ta daɗe sai gem ɗin ya ɓatar da ita kawai. Na san wasu suna ganin wannan ha'inci ne, ni ban ɗauke shi haka ba, dole ce ta sa, amma ya kamata mai wasa ya sani, domin yana nufin go-sulon da kake gani ma an rage masa kaifi. Masu sa ƙarin manhajar nan ta sarrafa zirga-zirga da ake kira TM:PE su kashe ɓatar da motoci sukan ga garin da suke alfahari da shi ya tsaya cak cikin mintuna.

Yanzu mu haɗa duka a kan misali ɗaya, irin wanda ya taɓa faruwa da ni kuma na tabbata ya faru da da yawa. Gari ya kai mutum wajen dubu 30, masana'antu duk a gefe ɗaya, mafita ɗaya daga babbar hanya tana ciyar da masana'antun da unguwar shaguna gaba ɗaya. Tireloli masu kawo ɗanyen kaya, motocin da ke kai kaya shaguna, ma'aikata, duk ta nan. Makabarta da bola kuma na ajiye su kusa da masana'antu tunda can ne ba mai ƙorafi, wanda ke nufin motar gawa da motar shara su ma sai sun bi ta wannan maƙogwaron kafin su shiga gari.

Abin da na fara gani alamar "Not enough goods to sell!" ce a kan shaguna. Na ɗauka masana'antu ne suka yi kaɗan, na ƙara yanka musu fili, wanda ya ƙara tireloli a kan mafitar nan. Kayan suna nan, isowa ce ba sa yi, wasu motocin ma ɓacewa suke a layi da kayan a ciki. Bayan ɗan lokaci sai alamar gawa ta fara fitowa a kan gidaje. A nan akwai wani abu da ake kira guguwar mutuwa, in ka yanka babbar unguwa lokaci ɗaya mutanen da suka shigo tare kusan tare suke tsufa, tare kuma suke mutuwa, sai buƙatar motar gawa ta yi tsalle a lokaci guda. A ce makabartar tana da mota 10, kuma a da kowace tana zuwa ta dawo a minti 5, yanzu go-sulo ya mai da shi minti 20, to aikin da suke yi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, kamar kana da mota biyu da rabi ne, a daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. Gidan da gawa ta daɗe a ciki ana watsewa a bar shi. Shagon da ya daɗe ba kaya ya rufe. Kowane gini da ya mutu ya fita daga tushen haraji, ya kuma ja darajar na kusa da shi. Kuɗi ya koma ja. Ni kuma a lokacin na kai haraji 14 don in tsayar da zubar, sai waɗanda matsalar ba ta ma taɓa su ba suka samu nasu dalilin tashi.

Yadda za ka gane irin wannan ba wuya in ka san inda za ka duba. Danna makabartar ko bolar ka ga motoci nawa ke waje. In duk sun fita kuma ga alamomi sun cika gari, to danna mota ɗaya ka bi ta da ido, za ka same ta a tsaye a layi. In kuwa motocin suna zaune a gida ba su fita ba, matsalar wata ce daban, wataƙila wurin ya cika ko wanwe ya hana su hanyar zuwa. Sannan buɗe taswirar zirga-zirga, amma ka lura ja a kan titi yana nufin motoci da yawa ne, ba lallai a tsaye suke ba, titi na iya yin ja yana gudu lafiya. Abin nema shi ne kan layin, ka bi jerin motocin har gaba ka ga a ina na farko ya tsaya, nan ne ciwon, duk abin da ke bayansa alama ce kawai. Akwai kuma kayan aikin da ke nuna maka hanyoyin duk motocin da ke bin wani guntun titi, daga ina suke, ina za su, wannan shi ne ya nuna min cewa yawancin masu toshe mafitar tireloli ne da ba ruwansu da unguwar shaguna.

Gyaran da ya yi aiki bai da alaƙa da haraji. Na buɗe wa masana'antu mafitarsu daban daga babbar hanya, aka raba tirela da ƙananan motoci. Na cire mararraba biyu da ke dab da bakin mafitar, domin kowace mararraba wurin tsayawa ce, in suna kusa da juna layin ɗaya yana toshe ɗaya. Na sa wa unguwar zama dokar "Heavy Traffic Ban" don kada manyan motoci su mai da ita hanyar wucewa. Sannan maimakon in tara makabartu wuri ɗaya na warwatsa su, kowane ɓangaren gari da tasa, haka ma wurin shara, yadda motar ba ta buƙatar ratsa maƙogwaron. Haraji na mayar da shi 12 na bar shi. Sai da aka ɗauki makonni na cikin gem kafin kangwayen su cika, don dawowa ta fi faɗuwa jinkiri.

Wata dabara da ke fitowa kai tsaye daga lissafin nan na minti 3 da minti 2 da daƙiƙa 24 ita ce kana iya juya motoci ta hanyar canza farashi. In ka ɗaga titin cikin garin zuwa mai gudun 60, kilomita 2 ta koma minti 2, yanzu ita ce mai arha, kuma ayarin gaba ɗaya zai juyo cikin gari. Wani lokacin abin da kake so ke nan, wani lokacin kuma bala'i ka jawo wa unguwar da ke zaman lafiya, ga ƙara ga cunkoso. Don haka kafin ka faɗaɗa kowane titi ka tambayi kanka wa zai ga ya yi arha yanzu. Haka bas da jirgin ƙasa suke, mutumin gem yana shiga ne in lissafi ya nuna masa ya fi sauƙi, kuma duk wanda ya shiga mota ɗaya ce ta ragu a layin da motar gawa ke jira.

Cities: Skylines II da ya fito a Oktoban 2023 ya faɗaɗa farashin hanya zuwa abu huɗu, lokaci, kuɗi, jin daɗin tafiya, da halin direba, kuma shekaru suna canza nauyinsu, matasa sun fi duba kuɗi, manya lokaci, tsofaffi jin daɗi. Wurin fakin da kuɗinsa sun shiga lissafi, motoci kuma suna iya canza layi ko hanya in sun tarar da matsala. Harajin gidaje an raba shi bisa matakin karatun mazauna, kuma ana iya saukar da shi har ƙasa da sifili ya zama tallafi. Wannan ya buɗe wata ƙofa da babu ita a na farko, kuɗin fakin ya zama makamin sarrafa zirga-zirga, ka tsadanta shi a tsakiyar gari wasu su bar motarsu su hau bas. Amma kuɗin daga aljihun gidan yake fita, aljihun da ake biyan haya da shi, don haka in ka matsa da yawa a nan sai ƙorafin ya ɓullo ta wajen haya, kuma nauyin wannan ƙarin lissafin yana cikin abin da ke sa babban gari ya riƙa tafiyar hawainiya a kan kwamfutar da ba ta da ƙarfi.